Iska ta yaye man kwano ta gefen gabas, mi zan yi?

Baban Ummi: Salam yan uwa. Iskar daren jiya ta ɗage man kwano layi guda a gidana nan Sabuwar Unguwa, daga baki ta faro ta naɗe shi kamar tabarma, kuma bara aka yi rufin. In ƙara kusa ne ko yaya?

Sani Kafinta: Allah ya tsare gaba Alhaji. Kafin ka sayi ko kusa ɗaya je ka duba wanda ya faɗo, kwanon ne kaɗai ko da katako manne a jikinshi?

Baban Ummi: Da katakon ya taho, tu-bai-tu ɗin duk suna jiki.

Sani Kafinta: To kusar kwanonka ta yi aikinta, inda tu-bai-tu ya hau rafta ne ya saki. Mutanenmu kusa ɗaya suke bugawa tsaye a wurin, ita kuwa iska sama take ja, sai ta zare ta yadda ake zare ƙaya. Kowace mahaɗa a naɗe ta da langalanga a buge kusa gefe da gefe, shi ma raftan a ɗaure shi da rodi kwata wanda aka binne cikin lintel tun lokacin zuba kankare, a lanƙwaso shi bisa katakon. Ban yarda da waya mai laushi ba wallahi, miƙewa take.

Lawal Daura: Ni dai bulo na jera bisa nawa da tsofaffin tayu, shekara biyar shiru.

Injiniya Hadiza: Malam Lawal nauyi yana ɗan taimakawa amma ranar da iska ta fi ƙarfinshi bulon nan kan mutane zai sauko. Dalilin da ya sa baki ke fara tashi, iska in ta bugi bango sai ta haura, ta tura kwanon da ya leƙo daga ƙasa, a lokaci guda wadda ta tsallake saman tana tsotsarshi sama, to hannu biyu kenan kan wuri ɗaya, kusurwa ta fi shan wahala ma. Kuma in gudun iska ya ninka biyu ƙarfinta ninkawa huɗu yake. Shi ya sa layin baki da na ƙoli da gefe ake buga kusa kowane tudun kwano ko a tsallake ɗaya, tsakiya ne ake iya tsallake biyu. Ka rage leƙowar kada ta wuce ƙafa ɗaya da rabi, a rufe ƙasanta da silin. In hadari ya taso a kulle ƙofa da tagar gabas, iskar da ta shiga ɗaki ita ma turo rufin take.

Maman Sadik: Nawa yoyo yake daidai wurin kusoshin, shi ma iskar ce?

Sani Kafinta: Hajiya ƙila a kwari aka buga maimakon tudu, ko robar kusar ta mutu.

Baban Ummi: Na hau na duba, babu rodi ko ɗaya a lintel ɗin. Sai an fasa kenan?

Sani Kafinta: A huda bango ƙasan lintel a zagayo da rodin, a shafe da siminti.

Injiniya Hadiza: In akwai lintel ɗin gaske zagaye da ginin. In bisan ƙofa da taga kawai aka zuba, bulo biyun sama za su bi rufin. Turo hoto mu gani tukuna.