Me za mu kira kuɗin da ake yanka in an cire ajiya kafin wa'adi?

Zulai: Assalamu alaikum. An ba ni aikin rubuta tallar wata manhajar ajiyar kuɗi da Hausa, sai na cije a wuri ɗaya. A allon manhajar an rubuta `early withdrawal fee 3%`, wato abin da suke yanka idan mutum ya kulle kuɗinsa na wata shida sannan ya cire kafin lokaci. Masu aikin suna so in sa "ɗan kuɗin hidima". Ni dai raina bai kwanta ba.

Bashir: Wa alaikumus salam. Ki sa "caji" ki huta, ba wanda bai san shi ba. Ko "haraji", haka na ji wasu na cewa.

Malam Nuhu: Bashir, haraji na hukuma ne. In aka sa shi, mai karatu zai ɗauka gwamnati ce ke karɓa, kamfanin ya fita fes. Caji kuwa ba ƙarya ba ne, sai dai mutane sun saba jinsa a kan 'yan canjin da ake cirewa wajen tura kuɗi, don haka ba zai sa kowa ya tsaya ya yi lissafi ba. Malama Zulai, kashi 3 ɗin na me ne? Na abin da ajiyar ta haifa, ko na uwar kuɗin?

Zulai: Na duba sharuɗɗansu, Malam. Na uwar kuɗin ne, kuma abin da ya taru a kai ma ba za a ba ka ba. Alkawarinsu kashi 12 cikin 100 ne a shekara.

Malam Nuhu: To mu auna. Mutum ya kulle 100,000 na wata shida. Kashi 12 a shekara yana nufin 1,000 kowane wata, ke nan in ya jira zai sami ƙarin 6,000, ba 12,000 ba, kuma wannan ma dole tallar ta faɗi "a shekara" ƙarara. Amma a ce wata larura ta taso bayan wata biyu. Abin da ya taru 2,000 ne, sun riƙe. Sannan su yanki 3,000 daga uwar kuɗin. Ya zuba 100,000, ya fita da 97,000. Wace hidima aka yi masa da za a kira wannan kuɗin hidima? Balle a ƙara masa "ɗan". Mai karanta tallar ba zai yi tsammanin kuɗinsa na iya dawowa da giɓi ba.

Hajiya Binta: Wallahi abin da ya same ni ke nan. Na tura kuɗi, aka cire a wurina, bai isa ba, kwana huɗu ina kiransu.

Bashir: Hajiya, naki matsalar turawa ce, wannan na ajiyar da aka kulle ne. Amma Allah ya kyauta. To Malam, mu ce "tara" mana, tunda hukunci ne.

Malam Nuhu: Tara ta fi kusa, don tana nuna akwai abin da in ka yi za a ci ka. Abin da ya hana ni ita, tara ana cin mai laifi ne, wanda kuwa ya nemi kuɗinsa don ya kai yaro asibiti bai yi laifi ba. Ni da na ce "kuɗin karya wa'adi". Duk wanda ya ji ya san dalili, ya san lokacin da zai hau kansa. Sai dai suna kaɗai ba ya wadatarwa, a bi shi da magana: "In ka cire kafin wata shida, ba ka da ƙarin da ya taru, kuma za a yanki kashi 3 cikin 100 na uwar kuɗinka. Mai 100,000 zai karɓi 97,000." A sa shi daf da wurin da aka ambaci kashi 12, da rubutu mai girma ɗaya.

Zulai: Na ɗauka, na gode Malam. Akwai kuma layin da suka ce "kuɗinka ba ya raguwa", shi ma zan ce su cire, tunda ga lissafi ya ƙaryata shi.

Hajiya Binta: Ni fa har yanzu tara ta fi shiga kunnena. Da ita na gani, da na ji tsoro. Sannan Malam, na lura kana ta cewa "ƙari". Kuɗin ruwa ne ko riba? Mutane da yawa kan wannan za su fara tambaya.

Malam Nuhu: Kin kama ni, Hajiya. In kaso ne tsayayye da aka yi alkawari kan kuɗin da aka ajiye, sunansa kuɗin ruwa, kuma rubuta "riba" zai sa a zaci kasuwanci aka juya. Malama Zulai, me takardarsu ta ce suna yi da kuɗin?

Zulai: Ba ta faɗa ba. Zan tambaye su gobe kafin in miƙa.