Takardar lamunin banki: waɗanda suka yi ciniki da ita su gaya mana

Mai tayal, Agege: Assalamu alaikum. Kamfanin da zan sayi tayal a hannunsa a Sin ya nemi in tura rabin kuɗi tun kafin a yi lodi, bankina kuma ya ba ni shawarar in buɗe takardar lamuni, wadda 'yan kasuwa ke kira elsi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa bin wannan hanya su faɗa mini wanda take karewa, ni ko mai sayarwa.

Mai riɗi, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku biyun take karewa, domin bankinka ne zai ɗauki alkawarin biyan mai kaya, amma ba zai saki ko sisi ba sai an gabatar masa da takardun da kuka gindaya, musamman takardar lodin jirgi da rasiɗin ciniki. Ni a ɓangaren mai sayarwa na ɗanɗana ta. Na fitar da riɗi kwantena uku ta Apapa, sharaɗin kuwa shi ne a yi lodi kafin 30 ga wata, sai cunkoson hanyar tasha ya sa takardar lodi ta fito ɗauke da 2 ga sabon wata. Riɗin ba shi da aibi, amma banki ya ƙi takardun saboda kwana biyun nan, na koma jiran yardar mai saye, shi kuma bai amince ba sai da na rage masa farashi. Tun daga nan, da zarar na hango jinkiri nake neman a gyara wa'adin a rubuce kafin jirgi ya tashi.

Hajiya mai atamfa: Ai ni abin da ya burge ni shi ne, idan kaya suka iso ba yadda aka yi alkawari ba, banki zai riƙe kuɗinka.

Tsohon ma'aikacin banki: Hajiya, a nan akwai gyara. A ƙa'idojin UCP 600 da bankuna ke aiki da su tun 2007, takardu banki ke dubawa, ba ya buɗe kwantena, kuma kwanakin aiki biyar gare shi ya karɓa ko ya ƙi. Idan takardun sun dace zai biya, ko da fasasshen tayal ne a ciki. Saboda haka, Alhaji, ka sa sharaɗin takardar shaidar duba kaya daga kamfani mai zaman kansa tun kafin lodi, kuma bayanin kayan ya zo daidai da na Form M ɗinka, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki.

Mai tayal, Agege: Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai sun ce idan za su karɓi elsi, dole wani banki a waje ya ƙara nasa tabbacin, kuma har yanzu muna ja-in-ja a kan wanda zai biya ladan wannan bankin.