Lissafin DALY ɗina ya fi shekarun da suka rage wa mutumin yawa, a ina na kuskure?

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini da aikin da aka ba mu a darasin lafiyar al'umma, na lissafin DALY, wato jimillar shekarun lafiya da mutum ya rasa. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki yana da shekara 50, ya rayu da lalurar shekara 10, ya rasu yana da 60. An ce mu yi amfani da nauyin nakasa 0.316, wato tsananin lalurar a ma'aunin 0 zuwa 1, da jadawalin tsawon rai na 2010. Na cire 60 daga 86 ɗin da ke jadawalin, YLL, wato shekarun da mutuwa da wuri ta cinye, ya ba ni 26. Na ninka 0.316 sau 36, YLD, wato shekarun da nakasa ta cinye, ya ba ni 11.4. Jimilla 37.4, alhali daga 50 zuwa 86 shekara 36 ne kacal. Yaya mutum zai rasa fiye da abin da yake da shi?

Nasiru: Wa alaikumus salam. Tun daga 86 ɗin nan kika kauce, ƙanwata. Ƙasashe nawa ne mutanensu ke kai 86? Ki nemo tsawon ran ƙasar da mutumin yake, ki cire 60 daga ciki. Kuma kada ki manta da ragin kashi 3 cikin ɗari na kowace shekara mai zuwa, haka aka koya mana.

Malama Hajara: Rabi'atu, wannan shakkar da kika yi ita ce daidai, domin duk lokacin da amsa ta zarce shekarun da ake da su, to an ƙirga wasu sau biyu. Ki dubi 36 ɗin da kika ninka. Kin bar mutumin yana fama da nakasa har zuwa shekara 86, bayan tun yana 60 kin rubuta shi cikin mamata. Shekarun da suka biyo bayan rasuwarsa kin caje su cikakku a YLL, kika dawo kika sake cajar kashi ɗaya cikin ukunsu a YLD. Ki ɗauki rayuwar tasa kamar igiya ɗaya, ranar mutuwa ita ce wurin yanka. Abin da ke gabanin yankan na YLD ne, kowace shekara ana ƙirga wani ɓangarenta gwargwadon tsananin lalurar. Abin da ke bayan yankan na YLL ne, kowace shekara cikakkiya. Shekara ɗaya ba ta zama a ɓangarori biyu. Shi ya sa ma haɗa su ke yiwuwa: dukkansu shekarun lafiya ne da aka rasa, kuma mutuwa tamkar lalura ce mai nauyin 1.

Don haka YLD ɗinki shekara 10 kaɗai zai ɗauka.

Akwai kuskure na biyu, ƙarami, amma shi ne wanda ɗalibai suka fi faɗawa. Lambar nan 86 ta jariri ce ranar da aka haife shi. Wanda ya kai 60 ya riga ya tsallake haɗurran ƙuruciya da na samartaka, saboda haka abin da ake sa ran ya rage masa ya fi 26. Ki buɗe jadawalin, ki gangara layin shekara 60, za ki ga kusan 27.8. Ba a cirewa, karantawa ake yi. Hanyar gane wannan kuskure mai sauƙi ce: ki gwada da wanda ya rasu yana da 90. Cirewa za ta ba ki lamba ƙasa da sifili, jadawali kuwa zai ba shi ƴan shekarunsa.

```
YLD = 0.316 × 10 = 3.16
YLL = 27.8
DALY = YLL + YLD = 30.96
```

Kusan 31 ke nan.

Malam Nasiru, ragin kashi 3 ba ƙirƙirarsa ka yi ba. Haka ma'aunin ya fito a rahoton Bankin Duniya na 1993, aikin Christopher Murray da Alan Lopez, har da fifita shekarun samartaka a kan na yarinta da tsufa. A zagayen 2010 na binciken nauyin cututtuka na duniya aka ajiye su duka biyun. Tunda aikin Rabi'atu ya ambaci jadawalin 2010, ba za ta rage komai ba.

Rabi'atu: Na gode Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Na sake yi, ya fito 30.96. Amma akwai sashe na biyu: da ya rasu nan take yana da 50 fa? Layin 50 ya ce 37.05. To magani ya ceto shekara 6 kawai ke nan, bayan mutumin ya ƙara rayuwa shekara goma?

Malama Hajara: Eh, wajen 6.1. Ki bi shi a hankali. Shekara goman da ya samu ba cikakku ba ne a idon ma'aunin, kowace tana ɗauke da lafiya 0.684, wato 1 a cire 0.316. Goma ɗin sun zama 6.84. Sauran giɓin, kusan 0.75, daga jadawalin ya fito. Ɗan 50 ana sa masa ran kaiwa 87.05, ɗan 60 kuma 87.8. Da ya ƙara rayuwa, layin da ake auna shi da shi ma ya matsa gaba kaɗan.

Abin da nake so ki riƙe a nan ya fi lambar muhimmanci. A labarin rasuwa yana da 50 YLD sifili ne, don babu ranar da ya yi da nakasa. A na rasuwa yana da 60 YLD ya tashi zuwa 3.16, kuma wannan ne ya fi alheri nesa ba kusa ba. Idan kika ga YLD na wata cuta yana hawa a rahoto, kada ki yi saurin cewa abubuwa sun lalace. Ki leƙa YLL tukuna. Sau da yawa mutanen da da can za su mutu ne suke raye. Na sha ganin an ɗauko ɓangare ɗaya an yanke hukunci da shi, abin yana damuna ƙwarai.

Nasiru: Na karɓi gyara a kan ragin, Malama. Amma maganar jadawali ban sauka ba. Idan ina so in san abin da wani shiri zai ceto a ƙasar da ɗan 60 ba ya ƙara shekara 28, me zai sa in rubuta shekarun da mutumin ba zai taɓa samu ba?

Malama Hajara: A wannan kana da rabin gaskiya. Masu auna ribar magani da kuɗin da aka kashe sukan ɗauki jadawalin ƙasa, saboda dalilin da ka faɗa. Amma idan kwatanta ƙasashe ake yi, jadawalin ƙasa yana sa mutuwar ɗan 60 ta zama ƙaramar asara a inda mutane suka fi mutuwa da wuri, wato talaucin lafiya ya rage wa kansa nauyi. Don gudun haka aka yi jadawali ɗaya na kowa. Na farkon ma ya ba mata 82.5, maza 80, daga baya aka haɗe su.

Nasiru: Jadawalin kowa ɗin ma ai ba ya tsayawa wuri ɗaya, ana ta ɗaga shi. Lambar bara da ta shekara goma baya ba sa kwatantuwa sai an sake lissafi. Ni dai har yanzu ina ganin tambayar da ake son amsawa ce ya kamata ta zaɓi jadawali.

Maman Husna: Ku gafarce ni, ni ba ɗaliba ba ce, ina karanta ku ne kawai. Mahaifiyata shekara goma sha huɗu ke nan tana kwance da wannan ciwon, daga baya kuma idonta ya tafi. Da na ga 0.316 sai raina ya sosu. Ana nufin rayuwarta ba ta kai ta mai lafiya daraja ba? Ita ce ke haɗa kan gidanmu har yau. Kuma idan aka tara na makanta a kai, saura me ya rage mata?

Malama Hajara: Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alherin jinyar da kike yi. Ba ke kaɗai ce wannan ya sosa wa rai ba, masu fafutukar haƙƙin masu nakasa sun daɗe suna faɗar irin maganarki, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Masu ma'aunin suna cewa lafiyar da ta ragu suke aunawa, ba darajar mutum ba. Yadda ake samo lambobin shi ne a karanta wa mutane bayanin marasa lafiya biyu, a tambaye su wanne suke ganin ya fi lafiya. A zagayen 2010 an bi gidaje a Bangladesh, Indonesiya, Peru da Tanzaniya, an yi tambayoyi ta waya a Amurka, aka ƙara da na intanet. Sakamakon ya girgiza wasu lambobin: makanta da ke wajen 0.6 a da ta sauko ƙasa da 0.2, har likitocin ido suka yi ƙorafi cewa an raina ta. Ga alama masu amsawa da yawa sun ga makaho mutum ne mai lafiya wanda ba ya gani. Kin ga lambar ra'ayin jama'a ce a dunƙule, ba ta san Mama ba. Ba ta san ko akwai mai ɗaga ta, ko akwai keken guragu, ko hanyar ɗakinta da matakala. Shekarunki goma sha huɗu na jinya ma babu inda suka shiga lissafin.

Batun tarawa kuwa, ba a tara su kai tsaye, don da lalura huɗu ko biyar sai jimillar ta wuce 1, a ce mai rai ya fi mamaci asara. Ana ninka abin da ya rage ne. Da 0.187 na makanta:

```
1 − (1 − 0.316) × (1 − 0.187) = 0.444
```

Da tarawa aka yi, da ta ba da 0.503. Sai dai wanda ke kwance ba ya tashi, nauyin lalurarsa ya haura 0.316, yana wajen 0.55.

Maman Husna: Amin, na gode Malama. Na fahimci abin da ake aunawa. Zuciyata dai ba ta gama yarda ba, domin a ƙarshe da waɗannan lambobin ake raba kuɗin magani, kuma idan aka ceto ran Mama za a rubuta riba ƙasa da ta ceton mai lafiya.

Malama Hajara: Haka lissafin yake fitowa idan aka bi shi a wannan hanyar, ba zan ce miki a'a ba.

Auwalu: Rabi'atu, tambaya ɗaya kafin ki miƙa. Takardar ta faɗi abin da ya kashe shi? Domin idan haɗarin mota ne ya yi ajalinsa yana 60, 27.8 ɗin nan duka a layin haɗari za a rubuta, shanyewar jikin ta tsira da 3.16 kawai. Kowace mutuwa sanadi ɗaya tak ake ba ta, na asali.

Rabi'atu: Na duba yanzu, Malam Auwalu. An rubuta "ya rasu" kawai, ba a faɗi sanadi ba. Zan rubuta a saman amsata cewa na ɗauka ciwon ne, in nuna 30.96, in sa 3.16 a ƙasa idan wani abu ne daban. Gobe zan tambayi malaminmu wanne ya nufa.