"Yabon kai jahilci": har a wajen neman aiki?

Tela daga Aboabo: Salamu alaikum. Wata makaranta a unguwar Asawase, nan Kumasi, na neman mai ɗinka yunifom, sun ce kowa ya rubuta bayanin kansa. Na rubuta: "Ni dai ina ɗan taɓa ɗinki, na taimaka wa madam ɗina shekaru kaɗan, zan yi ƙoƙari in an ba ni." Yayata ta ce kamar ina neman gafara. To ba an ce yabon kai jahilci ba?

Baban Suame Magazin: 'Yata, maganar magabata ce, ba a ja da ita. Ni tun ina yaron gareji ban taɓa cewa na iya ba, motar da na gyara ita ke magana. Bar rubutunki yadda yake.

Malama Alabar: Baba, a gafarce ni. Kai ana ganin motar tana tafiya, ita kuwa hedimasta bai taɓa ganin ko aljihun da ta ɗinka ba, takardar nan kaɗai ke gabansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da karin maganar ke hani shi ne "na fi kowa". Faɗin abin da hannunka ya yi kuwa shaida ce. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf da bakinsa ya nemi sarki ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Ƙanwata, shekara nawa kika yi wajen madam, kuma me kika yi da hannunki?

Tela daga Aboabo: Shekara 3 na koyo, aka yaye ni a 2021. Yanzu ina da shago da yara 2. Lokacin ina wajenta mun taɓa yin yunifom 120 na wata Islamiyya. Ni na auna yaran, na yanka duka, ɗinkin kuma mu huɗu muka raba.

Ɗan Kejetia: Shi ke nan ai! Rubuta: "Ƙwararriyar tela lamba ɗaya a Kumasi, na ɗinka yunifom sama da 500." Wa zai ƙirga? A kasuwa in ba ka ɗaga murya ba, da kayanka za ka koma gida.

Malama Alabar: Madam za ta ƙirga, don ita za a fara kira. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a zango inda kowa ya san kowa. Ko "na ɗinka 120" ma kar ki rubuta, tunda ku huɗu ne.

Amma dubi abin da kika binne a ƙarƙashin "na taimaka". Taimako na iya zama sharar shago ko guga. Ke kuwa awo da yanka kika yi, kuma duk tela ya san nan ne yadi ke lalacewa. Ɗinki in ya karkace a warware, almakashi in ya wuce ya wuce. Madam ba ta miƙa wa kowa almakashi a kan yadin mutane. Wannan ne babban abin da ke hannunki, shi ne kuma kika ɓoye.

Sai ƙananan kalmomin nan: "dai", "ɗan", "taɓa", "kaɗan", "zan yi ƙoƙari". A gaisuwa ladabi ne. A takarda kuwa mai karatu ɗauka yake ke ma kina shakkar kanki. Ga yadda zan sa shi:

"Ni tela ce a Aboabo. Na yi koyo shekara 3, aka yaye ni a 2021, yanzu ina da shagona, ina koyar da yara 2. A wajen madam ɗina na auna ɗalibai 120, na yanka yunifom ɗinsu, mu huɗu muka ɗinka."

Babu "ƙwararriya" a ciki ko sau ɗaya. Ki bi kowace jimla ki tambayi kanki: in hedimasta ya ce yaushe, nawa, wa zai shaida, ina da amsa? Wadda ba ta da amsa ki cire.

Inna mai waakye: Ni ban ga laifin "zan yi ƙoƙari" ba. So kuke yarinya ta yi alkawari ba in sha Allah?

Malama Alabar: Inna, in sha Allah na nan daram, amma a gefen alkawari mai rana: "Zan gama guda kaza cikin mako kaza, in sha Allah." Adadin kuma ita za ta sa, gwargwadon kekunanta, ta bar sarari saboda ɗauke wuta.

Baban Suame Magazin: Na ji, babu ƙarya a ciki. Amma "na, na, na" ɗin nan har yanzu yana min nauyi a kunne. Da ni ne, da sunan madam zan fara.

Tela daga Aboabo: Baba, sunanta zan sa a ƙasa da lambarta, in ta yarda. Yanzu na kira ta, ta ce yunifom ɗin 116 ne, ba 120 ba. Na gyara.