Me za mu kira Vanishing Point da Hausa?

Mai Zanen Gidaje: Assalamu alaikum. Ina koya wa yara yadda ake ɗora faifan sola, tankin ruwa da dish a kan hoton gida ba tare da an taɓa siffar rufin ba. A Photoshop muna shiga Filter, sannan Vanishing Point, amma na rasa sunan da zan ba su da Hausa. Wani ya ce “ɗigon ɓacewa”, ni dai bai kwanta min ba.

Ɗalibar Gini: Malam, ai ba abin da ke ɓacewa. Layuka ne ke haɗuwa can nesa. Me zai hana a ce “mahaɗa”? Tunda guda ɗaya ce a kowane hoto, shi ke nan.

Tsohon Hannu: Sunan ya yi, ’yata, amma ba guda ɗaya ba ce. Ɗauki rufi mai gangara da aka ɗauka daga kusurwa. Doron rufin da bakin kwano, idan kika ja su, za su haɗu daidai tsayin idon mai ɗaukar hoton. Layukan kwanon da ke hawa gangara kuwa nasu wurin haɗuwar daban ne, yana sama da wancan. Faifan da ya kwanta a kan kwano dole gefunansa su bi waɗannan biyun. Gefe ɗaya ya kauce, sai a ga kamar rufin ne ya lanƙwashe, alhali ba a taɓa shi ba. Nan ne yara ke kuskure, su kama jan rufin don ya dace da faifan. Faifan ake gyarawa, a shimfiɗarsa ta daban.

Mai Ɗaura Sola: Ni kullum ina barin ɗan fili tsakanin faifai da kwano, saboda zafi na rage masa ƙarfi.

Mai Zanen Gidaje: Na hoto muke magana, Yaya. Amma ka taimaka, don wannan filin ne ke sa siririyar inuwa a ƙarƙashin faifan. In babu ita, sai ya zama kamar takardar da aka manna.

Sabon Shiga: To ni na bi layukan rufin wajen ɗora tanki, ya fito a karkace kamar zai zube.

Tsohon Hannu: Tanki ba ya bin gangara. Lita 1,000 na ruwa tan guda ne, sai a kan maɗori mai daidai. Tsayuwarsa ta bi ta bango. Kuma in daga ƙasa aka ɗauki hoton, saman tankin ba zai ganu ba. Dish kuma duba na maƙwabta a hoton, masu kama tauraro ɗaya duk waje guda suke kallo.

Ɗalibar Gini: To “mahaɗar layuka” ke nan, a ce ta doro da ta gangara.

Mai Ɗaura Sola: Mu a wajenmu mahaɗa inda wayoyi ke haɗuwa ce. “Magama” fa?

Mai Zanen Gidaje: Gobe zan gwada musu duka biyun a kan hoto ɗaya, in ji wacce za su riƙe.