Bambancin naira 2,700 ya hana ni barci

Assalamu alaikum, jama'a. Ni 'yar Ringim ce, na gama difloma a aikin akanta, kuma Litinin mai zuwa zan shiga intabiyu a wani kamfanin casar shinkafa. Wata yayata da ta taɓa shiga irinta ta ba ni tambayar gwaji kan daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin banki, kwana biyu ina fama da ita.

Littafin kuɗi ya nuna naira 850,000, banki ya nuna 912,300. Akwai cek na 120,000 da muka rubuta wa dillalin shinkafa bai kai banki ba, sai 50,000 da aka zuba ranar ƙarshen wata ba ta fito ba, sai cajin banki 5,000 da ba a shigar a littafi ba. Da na gyara, ɓangaren banki ya koma 842,300, littafi 845,000. Saura 2,700. Malaminmu ya ce idan tara ta raba bambanci daidai, a nemi lambobin da aka juya, kamar 6,300 a madadin 3,600. Shin wannan amsar ta isa, ko sai na faɗi yadda zan bi shigarwa ɗaya bayan ɗaya?

Ta biyun ta fi damuna. Idan manaja ya ce in saka 2,700 ɗin a ƙananan kashe-kashe don a rufe wata, me zan ce? Zuciyata ba ta yarda ba, domin babu rasit. Na yi tunanin in nemi ya rubuta umarnin, in ajiye kuɗin a asusun jiran bincike. To idan ya matsa, wa zan kai wa magana a kamfanin da mai shi kawunsa ne?