Tambaya kan dalilin da ke tsayar da karant a tiransisto mai suna MOSFET

Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibin lantarki ne a nan Damagaram, kuma mako guda ke nan ina fama da wani abu da ya shige mini duhu.

Na ɗauki tiransisto nau'in n wanda V_T ɗinsa, wato ƙarfin lantarkin da ke buɗe hanya tsakanin mashiga da mafita, volt 2 ne, na sa V_GS, wato ƙarfin lantarkin da ke tsakanin ƙofar sarrafa tiransiston da mashiga, a volt 5. Da na riƙa ƙara V_DS, wato ƙarfin lantarkin da ke tsakanin mafita da mashiga, daga sifili, karant ya yi ta hawa, amma da na kai wajen volt 3 sai ya daidaita, har volt 10 bai ƙaru ba sai ɗan kaɗan. Na gane cewa 3 ɗin nan shi ne V_GS − V_T, inda hanyar ke tsukewa ta gefen mafita.

Ga inda na makale: idan hanyar ta tsuke, me ya sa karant bai yanke ba? Zatona shi ne ragowar volt 7 suna faɗuwa ne a kan guntun yankin da ya tsuke, sauran hanyar kuwa volt 3 kaɗai take gani. Shin haka ne, kuma ɗan ƙarin da na auna gajarcewar hanyar ce ta jawo shi? Don Allah a warware mini.